Ombudsman: ma'anar kalmar, aikin ofishin, da abin da ya raba shi da kotu

Mece ce ma'anar kalmar ombudsman, kuma daga wane harshe ta fito?

Kalmar ta harshen Sweden ce, kuma asalinta yana komawa ga tsohon harshen mutanen arewacin Turai. Kashinta na farko, wato *ombud*, yana nufin wakili, mutumin da aka ɗora wa amanar tsayawa a madadin wani, kashi na biyu kuwa yana nufin mutum. A ƙasar Sweden kalma ce ta yau da kullum wadda ba ta tsaya kan ofishi guda ba, domin ana kiran jami'in ƙungiyar ƙwadago ko na jam'iyyar siyasa da ita. Da ta fita zuwa sauran duniya sai ma'anarta ta taƙaita, ta koma nufin jami'i mai zaman kansa wanda doka ta naɗa domin ya karɓi koken jama'a a kan hukumomi, ya bincika, ya faɗi abin da ya gano, sannan ya ba da shawarar gyara.

A Hausa ba a tsaya kan kalma ɗaya ba. Akan ce mai sauraron koke-koken jama'a, ko hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe, wani lokaci kuma a ce mai shiga tsakani. Wannan na ƙarshe yana iya ɓatar da mai karatu, domin mai shiga tsakani sulhu kawai yake nema, alhali ombudsman yana da ikon buɗe fayil, ya kira jami'i ya yi bayani, kuma ya rubuta ƙarara cewa hukuma ta yi ba daidai ba, ko da hukumar ba ta ji daɗin hakan ba.

Yaushe aka fara kafa irin wannan ofishi?

Ana kawo shekaru biyu, kuma kowace tana da hujjarta. A 1713 Sarki Karl na 12 na Sweden, wanda ya yi shekaru yana zaune a Daular Usmaniyya bayan an ci shi da yaƙi a Poltava a 1709, ya kafa muƙamin babban ombudsman na sarki, domin ya sa ido a kan alƙalai da jami'an gwamnati a gida yayin da shi yake nesa. Wannan jami'i idon sarki ne, kuma ga sarki yake kai rahoto.

Ofishin da duniya ta kwaikwaya shi ne na 1809, lokacin da Sweden ta yi sabon tsarin mulki bayan an tuɓe Sarki Gustav na 4. Majalisar dokoki ta ga cewa ba ta da idon kanta a kan yadda ma'aikatan sarki suke aiwatar da dokokin da ta yi, sai ta tanadi ombudsman nata, wanda ita ce ke zaɓensa, ba kuma ya karɓar umarni daga ɓangaren zartarwa. An zaɓi na farko, Lars Augustin Mannerheim, a 1810. Sauyin da ya auku tsakanin waɗannan shekaru biyu shi ne ginshiƙin aikin har yau: mai binciken ba yaron wanda ake bincika ba ne.

An daɗe kafin wata ƙasa ta ɗauka. Finland ta sa shi a tsarin mulkinta na 1919, Denmark ta naɗa nata a 1955, New Zealand ta zama ta farko cikin ƙasashe masu magana da Ingilishi a 1962, Birtaniya ta biyo baya a 1967, Faransa kuma a 1973. A Afirka, Tanzaniya ce ta fara, a tsakiyar shekarun 1960.

Me ya sa sunan ofishin yake bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa?

Saboda kowace ƙasa ta raɗa masa sunan da ya dace da harshenta da tarihinta. Faransa ta kira shi Médiateur de la République har zuwa 2011, lokacin da ta haɗe shi da wasu hukumomi a ƙarƙashin sunan Défenseur des droits. Ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, ciki har da Jamhuriyar Nijar, sun ɗauki sunan farko, kuma tsohon firaminista Amadou Cheiffou ya riƙe muƙamin a Nijar daga 2011. A Spain ana ce masa Defensor del Pueblo, wato mai kare jama'a, a Pakistan kuma Wafaqi Mohtasib tun 1983. Ghana ta haɗa aikin ombudsman da na kare haƙƙin ɗan'adam a hukuma ɗaya, CHRAJ, a 1993. A Nijeriya sunan da ke jikin allon ofishin shi ne Public Complaints Commission, wato Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 31 ta 1975 bayan shawarar kwamitin Udoji da ya duba tsarin aikin gwamnati, kuma Alhaji Yusuf Maitama Sule ne shugabanta na farko.

Wane irin koke ne ofishin yake saurara?

Koken da ya shafi yadda hukuma ta tafiyar da aikinta a kan mutum. Abubuwan da suka fi cika teburin irin wannan ofishi su ne jinkirin da ba shi da dalili, ɓatan fayil, ƙin amsa wasiƙa, yanke shawara ba tare da an saurari wanda abin ya shafa ba, ƙin faɗin dalilin shawarar, kuskuren lissafi, ba mutum bayanin da ba daidai ba har ya yi asara, da fifita wani a kan wani alhali matsayinsu ɗaya. Da yawa daga cikin waɗannan ba laifi ba ne a dokar hukunta masu laifi, wasu ma ba su saɓa wa wata doka a rubuce ba, amma duk wanda ya taɓa yin wata shida ana ce masa ya dawo mako mai zuwa ya san cewa cuta ce.

A nan ne aikin ombudsman ya fi na kotu faɗi. Alƙali yana tambayar ko abin da hukuma ta yi ya halatta a doka. Ombudsman yana tambayar wannan, sannan ya ƙara da tambayar ko an yi adalci, ko an bi hanyar da ta dace, ko an yi cikin lokacin da hankali zai karɓa. Dokar hukumar Nijeriya ta faɗi haka a fili, domin ta umarci kwamishinoni su kula musamman da ayyukan da suka saɓa wa doka, da waɗanda aka gina a kan kuskure, da waɗanda ba su da ma'ana ko suka zama zalunci, da waɗanda aka yi da mugun nufi, har ma da waɗanda ba a yi wa mutum cikakken bayaninsu ba. Dokar ta kuma ba ta ikon bincika kamfanonin da aka yi wa rajista a ƙasar, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa, abin da ba kowane ombudsman na majalisa yake da shi ba.

Yaya koke yake tafiya daga farko zuwa ƙarshe?

Misali zai fi bayani. A ce wani ma'aikacin gwamnatin jiha ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aiki, a mataki na 12, amma da takardar lissafin garatuti da fanshonsa ta fito sai ya ga an yi lissafin a kan mataki na 10. Ya je ofishin fansho, aka ce masa abin da ke cikin fayil aka bi. Ya koma ma'aikatarsa, aka ce fayil ya riga ya bar hannunsu. Ya rubuta wasiƙa biyu, ba a amsa ko ɗaya ba.

Matakin farko a ofishin ombudsman tacewa ce, kafin a fara wani bincike. Jami'in da ya karɓi koken zai duba ko ma'aikatar tana cikin waɗanda ofishin yake da hurumi a kansu, ko mai koken shi ne abin ya shafa da kansa, ko lokacin kai koke bai wuce ba, ko maganar ba ta gaban kotu, da kuma ko ya fara kai kukansa ga ma'aikatar kafin ya zo. A nan ne wasiƙun nan biyu suke yin amfani, musamman idan akwai hatimin karɓa da kwanan wata a jikin kwafin da ya riƙe. Mutumin da ya yi ta zuwa da baki kawai, ba tare da takarda ba, yakan sha wahalar nuna cewa ya bi hanyar cikin gida, kuma sau da yawa a nan ake mayar da koke, tun kafin a duba gaskiyarsa.

Idan koken ya tsallake, sai ofishin ya rubuta wa shugaban ma'aikatar da na ofishin fansho, ya gaya musu abin da ake zargi, ya nemi amsa da kwafin takardu cikin wa'adi. A dokar Nijeriya wa'adin kwana 30 ne. Da amsa ta zo sai a gwada ta da takardun mai koke: takardar ɗaukar aiki, takardun ƙarin girma, takardar albashin watan ƙarshe, da takardar amincewa da ritaya. A misalinmu, takardar albashi ta nuna ana biyansa a mataki na 12 tun shekaru kafin ya bar aiki, amma takardun ƙarin girma biyu na ƙarshe ba sa cikin fayil ɗin da aka aika ofishin fansho. Mai bincike yana iya zuwa ɗakin ajiyar takardu da kansa, ya nemi kundin da hukumar ma'aikata take rubuta sunayen waɗanda aka ƙara wa girma, ya ga sunan mutumin da ranar da abin ya fara aiki. Da zarar an ga wannan, gardama ta ƙare, domin hujjar daga takardun gwamnati kanta ta fito.

Mafi yawan koke-koke irin wannan a nan suke ƙarewa, da zaman da ake haɗa ɓangarorin biyu, ma'aikatar ta amince za ta aika takardun da suka ɓata, ofishin fansho ya sake lissafi. Idan suka ƙi, sai ofishin ya rubuta sakamakon bincikensa da shawarwarinsa: a gyara matakin, a biya bambancin kuɗin da ya taru, a kuma duba yadda ake tura fayil tsakanin ofisoshin biyu, tunda abin da ya sami mutum ɗaya yana iya samun duk wanda ya yi ritaya a shekarar. Wannan shawara ta ƙarshe ita ce kotu ba ta cika bayarwa ba, saboda kotu tana warware abin da masu ƙara suka kawo gabanta ne kaɗai.

Da wannan mutumin kotu ya je, me zai bambanta?

Kusan komai na hanyar tafiya. A kotu shi ne zai shigar da ƙara, a Nijeriya kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi a kan rikicin aiki da fansho. Zai biya kuɗin shigar da ƙara, galibi zai ɗauki lauya, kuma nauyin kawo hujja a wuyansa yake. Alƙali ba zai tashi daga kujerarsa ya je ɗakin ajiyar takardu ya nemo kundin ƙarin girma ba, domin a tsarin kotu ɓangarori biyu ne suke fafatawa, alƙali yana zaune tsakani yana auna abin da kowa ya kawo. Idan takardar da za ta ceci mai ƙara tana hannun wanda yake ƙara, sai ya bi ta hanyar neman kotu ta tilasta a kawo ta, kuma dole ya san akwai ta kafin ya nema. A ofishin ombudsman kuwa mai binciken ne yake neman hujja da kansa, ba a biyan kuɗi, ba a buƙatar lauya, kuma binciken a asirce ake yin sa, saɓanin zaman kotu da kowa zai iya shiga ya saurara.

Sai dai a ƙarshen tafiya kotu ce ke da abin da ombudsman ba shi da shi. Hukuncin kotu umarni ne, akwai hanyoyin zartar da shi a kan wanda ya ƙi bi, kuma ana iya hukunta shi da laifin raina kotu. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara, kuma hukuncin babbar kotu yakan zama abin da ƙananan kotuna za su bi a shari'o'i masu kama da ita. Abin da ombudsman ya rubuta, a mafi yawan ƙasashe, shawara ce. Ba ya soke shawarar hukuma da kansa, ba ya ɗaure kowa, kuma abin da ya yanke a koke ɗaya ba ya zama doka a kan wani.

Saboda haka zaɓin ya danganta da irin matsalar. Idan ma'aikatar ba ta musanta cewa mutumin ya kai mataki na 12 ba, sakaci ne kawai ya ɓatar da takarda, ombudsman ya fi sauri, ya fi sauƙi. Idan kuwa ma'aikatar ta dage cewa ƙarin girman da aka yi masa haramtacce ne tun asali, kuma tana da fassarar doka da take dogaro da ita, to wannan gardama ce ta haƙƙi, wadda alƙali ne kaɗai zai iya yanke ta yankewar da za ta ɗaure kowa.

Idan shawara ce kawai, me zai sa hukuma ta bi?

Abubuwa uku ne suke ba shawarar nauyi, kuma babu ɗaya cikinsu da yake tabbas. Na farko shi ne ingancin binciken: jami'in da aka nuna wa kuskurensa daga cikin fayil ɗinsa yana da wuya ya ci gaba da musu, kuma sau da yawa gyaran ya fi masa sauƙi a kan rubuta dalilin ƙin gyara. Na biyu shi ne rahoto ga majalisa, wadda ita ce ke amincewa da kasafin ma'aikatu kuma tana iya kiran shugabanninsu. Na uku shi ne bayyana sakamako ga jama'a. Inda majalisa ba ta karanta rahoton, jaridu kuma ba su kula da shi ba, ofishin yakan koma wurin rubuta wasiƙun tuni.

Ko a ƙasashen da ofishin yake da daraja ana ƙin bin shawararsa. A watan Maris na 2024 ombudsman na majalisar Birtaniya ya gano cewa ma'aikatar fansho ta yi jinkiri wajen sanar da matan da aka haifa a shekarun 1950 cewa an ɗaga shekarun fara karɓar fanshonsu, ya kuma ba da shawarar diyya tsakanin fam 1,000 da fam 2,950 ga kowace. A watan Disamba na wannan shekarar gwamnati ta amince an yi jinkirin, ta nemi afuwa, amma ta ce ba za ta biya ba.

Ya kamata a bambanta ikon bincike da ikon tilasta gyara. A wurin bincike ofishin yana da haƙori, domin yana iya kiran mutum ya bayyana, kuma ƙin ba shi bayani laifi ne a dokokin ƙasashe da dama. A Nijeriya tarar da dokar ta tanada naira 500 ce ko ɗaurin wata shida, adadin da yake da nauyi a 1975 amma a yau ba zai tsorata kowa ba.

Akwai ombudsman da maganarsa take ɗaure hukuma?

Akwai, kuma Afirka ta Kudu ce misalin da ya fi shahara. Ofishin da ake kira Public Protector a can tsarin mulki ya ba shi ikon ɗaukar matakin gyara da ya dace, ba bincike da rahoto kaɗai ba. A watan Maris na 2014 Thuli Madonsela, wadda ke riƙe da ofishin, ta fitar da rahoto a kan kuɗin gwamnati da aka kashe a gidan Shugaba Jacob Zuma na Nkandla da sunan tsaro, ta ce wasu gine-ginen, kamar wurin ninƙaya da garken shanu, ba su da alaƙa da tsaro, kuma ya kamata shugaban ya mayar da wani kaso na kuɗin. Shugaban bai biya ba, majalisar dokoki kuma ta karɓi wani rahoto na ministan 'yan sanda da ya wanke shi. Jam'iyyun adawa suka kai ƙara, kuma a ranar 31 ga Maris 2016 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa matakin gyaran da ofishin ya ɗauka yana ɗaure wanda aka ɗauka a kansa, sai fa idan kotu ce ta soke shi. Zuma ya biya rand miliyan 7.8 a watan Satumba na shekarar.

Abin lura a wannan labari shi ne cewa ko a inda maganar ombudsman take ɗaurewa, sai da kotu ta shigo kafin a bi ta. Akwai kuma wani tsari na daban a harkar kuɗi a Birtaniya, inda hukuncin ombudsman yake ɗaure banki ko kamfanin inshora idan abokin ciniki ya karɓe shi, shi kuwa abokin cinikin yana da 'yancin ƙin karɓa ya tafi kotu. A Sweden ma, tun asali, ombudsman yana da ikon gurfanar da jami'i a gaban kotu, ko da yake a yau ba a cika amfani da ikon ba.

Waɗanne koke-koke ne ofishin ba zai karɓa ba?

Kowace doka tana da iyakokinta, kuma na Nijeriya sun isa misali. Hukumar ba ta bincika maganar da ke gaban kotu, ko gaban Majalisar Tarayya, ko Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, ko Shugaban Ƙasa. Ba ta shiga abin da aka yi a ƙarƙashin dokokin aikin soja da na 'yan sanda game da jami'ansu. Ba ta karɓar koken wanda abin bai shafe shi da kansa ba, ko wanda bai bi hanyoyin neman gyara da ake da su ba, ko wanda ya zo bayan wata 12 da aukuwar abin. Wannan wa'adi na wata 12 yana cin mutane da yawa, domin mai haƙuri da ya yi shekara biyu yana jiran alkawarin da ake yi masa a ofis yana iya tarar da ƙofa a rufe. A Sweden wa'adin da aka saba bi shekara biyu ne. A Birtaniya kuma akwai wani sharaɗi da ba a cika samu a wasu wurare ba: koke a kan ma'aikatun gwamnati, a bisa ƙa'ida, sai ya bi ta hannun ɗan majalisa.

Rikici tsakanin mutum da mutum, kamar gado, bashi, aure ko iyakar gona, ba aikin ombudsman ba ne ko kaɗan.

Ana iya kai koke ga ombudsman a kuma kai ƙara kotu a lokaci guda?

A'a, a mafi yawan tsare-tsare. Da zarar magana ta shiga kotu ofishin yakan janye hannunsa, domin kada hukumomi biyu su ba da amsa biyu a kan abu ɗaya. Akasin haka yana yiwuwa: wanda ya fara da ombudsman bai rasa 'yancinsa na zuwa kotu daga baya ba.

Haɗarin yana wurin lokaci. Dokoki suna ƙayyade wa'adin shigar da ƙara, kuma a Nijeriya dokar kare jami'an gwamnati ta sa wata uku kacal ga ƙararraki da dama a kan jami'i game da aikinsa, ko da yake kotuna sun fitar da wasu nau'o'in ƙara daga wannan wa'adi. Bai kamata mai koke ya ɗauka cewa kai kuka ofishin ombudsman ya tsayar masa da ƙidayar kwanakin kotu ba. Wanda aka kora daga aiki, ko aka ƙwace wa fili, ko wanda kuɗin da yake bi yake da yawa, ya dace ya tambayi lauya game da wa'adin tun a makon farko, ko da niyyarsa ita ce ya fara gwada hanyar koke.

Ombudsman zai iya sauya hukuncin alƙali? Ita kuma kotu za ta iya sauya nasa?

Ba zai iya ba. Hanyar wanda bai gamsu da hukunci ba ita ce ɗaukaka ƙara. A Sweden da Finland ombudsman yana sa ido a kan kotuna, amma a kan yadda suke tafiyar da aiki ne, kamar jinkirta shari'a ko halin da alƙali ya nuna wa masu ƙara, ba a kan abin da aka yanke ba. Ƙasashe da yawa ma ba su ba shi ko wannan ba, don tsoron taɓa 'yancin ɓangaren shari'a.

Kotu kuwa tana iya duba aikin ombudsman, ta ga ko ya wuce huruminsa, ko ya ƙi sauraron wani ɓangare, ko ya kai ga sakamakon da babu hujjar da ta goyi bayansa. Ba ta sake binciken daga farko, hanyar da aka bi take dubawa.

Shin ba wannan ne aikin da Musulunci ya sani da mazalim da hisba ba?

Akwai kama, akwai kuma bambanci. Diwanul mazalim a daulolin Musulunci wuri ne da talaka yake kai kukan zaluncin gwamnoni da masu karɓar haraji da sauran ma'aikata, kuma ba a ɗaure shi da dukkan ƙa'idojin shaida na kotun alƙali ba, wanda hakan ya kusantar da shi ga aikin ombudsman. Amma mai zaman mazalim da ikon sarki yake zama, yana yanke hukunci yana kuma zartarwa, don haka ta wannan fuska ya fi kama da babbar kotu. Muhtasibi kuwa ya fi mayar da hankali ga kasuwa, mudu da sikeli da tarbiyyar jama'a, wato yana duban talakawa ne fiye da duban hukuma. Wasu marubuta suna ganin zaman Sarki Karl a ƙasar Usmaniyya ya yi tasiri a kan muƙamin da ya kafa a 1713, kuma Pakistan ta zaɓi kalmar muhtasibi da gangan domin ta danganta ofishinta da wannan gado. Duk da haka, siffar da ta fi bayyana ombudsman na zamani, wato jami'in da majalisar dokoki take naɗawa ya bincika ɓangaren zartarwa, daga tsarin 1809 ta fito.

Ta yaya za a gane ofishi na gaske daga na suna kawai?

Tambayar tana da muhimmanci a yanzu da bankuna, jami'o'i, jaridu da kamfanoni suke kiran teburin ƙorafinsu da wannan suna. Abin da za a fara dubawa shi ne wanda yake naɗa jami'in da wanda zai iya cire shi. Idan shugaban hukumar da ake kai kuka a kanta shi ne mai naɗawa, mai biyan albashi, mai kuma sallama duk ranar da ya ga dama, to ma'aikacinsa ne, komai kyawun halinsa. A Sweden majalisa ce ke zaɓen ombudsman na ƙayyadadden wa'adi. A Nijeriya Majalisar Tarayya ce ke naɗa babban kwamishina da kwamishinonin jihohi na shekara uku, ana iya sabuntawa sau ɗaya, kuma sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya sa dokar hukumar cikin waɗanda ba a sauya su sai ta hanyar gyaran tsarin mulki, abin da ya kare hukumar daga rushewa amma ya sa gyara tsofaffin tanade-tanadenta ya yi wuya.

Bayan naɗi sai a duba ko yana da ikon ganin kowace takarda ba tare da neman izinin wanda ake bincika ba, ko yana iya fara bincike da kansa ba sai an kawo koke ba, ko kuɗin gudanar da ofishin yana zuwa ta hanyar da ma'aikatun da yake bincika ba za su iya toshewa ba, da kuma ko yana fitar da rahoton shekara da ke nuna koke nawa ya karɓa, nawa ya kammala, da shawarwari nawa aka bi. Adadin ƙarshen nan ya fi sauran faɗin gaskiya, domin ofishi yana iya rufe dubban fayiloli a shekara ta hanyar mayar da masu koke ga hukumomin da suka cuce su, ya kuma lissafa su duka a matsayin waɗanda aka warware.